Nawa Za Mu Sayar wa Kanmu? Yadda Sassan Kamfani Ɗaya Ke Yanka wa Juna Farashi

Buhun da aka zuba shinkafa ko fulawa a ciki yana da nasa tarihin kafin ya iso kasuwa. Ana narka ƙwayoyin roba, a miƙe su su zama siraran zare masu faɗi, a saƙa su a wani inji mai zagaye, a yanka, a ɗinke gindin, sannan a buga tambarin mai kaya. Manyan kamfanonin abinci da na siminti sun daɗe da gane cewa buhu yana cin kuɗi, shi ya sa wasunsu suka kafa masana'antar buhu ta kansu. Kamfanin Flour Mills of Nigeria yana da Bagco, rukunin Dangote ma yana da nasa ɓangaren yin buhuna. Irin waɗannan ɓangarori suna yi wa gida aiki, suna kuma sayar wa mutanen waje.

To, idan sashen buhu ya loda buhu dubu ashirin ya kai wa sashen shinkafa, kuma duka biyun na mai gida ɗaya ne, nawa za a rubuta a takarda? Wanda bai san harkar ba zai ce ai ba komai, tunda kuɗin daga wannan aljihu ne zuwa wancan. Ta fuskar lissafin kamfani baki ɗaya haka ne, domin abin da sashe ɗaya ya rubuta a matsayin ciniki shi ɗayan ya rubuta a matsayin kashewa, sai su share juna. Amma kowane sashe yana da manajansa, ana kuma auna manajan da ribar da sashensa ya nuna a ƙarshen shekara. Ƙarin girma da ladan ƙwazo duk a kan wannan lamba suke. Saboda haka farashin da aka rubuta shi ke sa manaja ya ce ya saya ko bai saya ba, ya sayar ko ya hana, kuma wannan shawarar tana taɓa kuɗin mai gida na gaske.

Matsalar tsohuwa ce. Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban kamfanin motoci na General Motors a Amurka a 1923, ya fara ne da jagorancin rukunin masu ƙera kayan gyara da ake kira United Motors, wanda General Motors ya haɗiye a 1918. A littafin da ya rubuta kan shekarunsa a kamfanin ya bayyana damuwarsa a wancan lokaci: sassansa sun saba sayarwa a farashin kasuwa, kuma yana gudun idan aka tilasta musu miƙa kaya a kuɗin da suka kashe kawai, ribarsu za ta ɓace ta bayyana a littafin wani sashe daban, har a kasa sanin wa ke kawo kuɗi, wa ke cin su. A 1956 masanin tattalin arziki Jack Hirshleifer ya wallafa nazarin da har yau ake dogara da shi a wannan fanni. Abin da ya nuna shi ne, inda akwai buɗaɗɗiyar kasuwa a waje farashin kasuwa ne ya dace, inda kuma babu, sai a dubi abin da ƙarin kaya guda ɗaya ke ci wajen yin sa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce a bi lissafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ƙaddara wani kamfani a Kano mai sassa biyu, na buhu da na sarrafa shinkafa. Lambobin da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

Injinan sashen buhu suna iya fitar da buhu dubu 100 a wata. Kowane buhu yana cin naira 270 na roba, zare, tawada, wuta da ladan masu aiki. Wannan kuɗi yana bin buhu ne: in an yi buhu an kashe shi, in ba a yi ba yana nan a aljihu. Idan mutumin waje za a sayar wa, akwai ƙarin naira 30 na la'adar dillali da kuɗin mota, ya zama 300. A waje buhun yana tashi a naira 450, wato kowane buhu da aka sayar yana barin rarar naira 150. Bayan wannan akwai tsayayyen kuɗi na naira miliyan 8 a wata, na haya, albashin ma'aikatan dindindin, masu gadi da tsufan injina. Shi wannan babu ruwansa da yawan buhu, ko an yi aiki ko an kwana ana hira sai an biya shi.

Sashen shinkafa yana bukatar buhu dubu 20 a wata. Wani mai masana'anta a waje ya ce zai ba shi irin buhun, inganci ɗaya, a naira 430.

Iyakar sama ta mai saye ce, kuma ba ta da wuyar ganewa. Manajan shinkafa ba zai biya ɗan'uwansa fiye da 430 ba, tunda ga wanda zai kawo masa har ƙofa a haka. Iyakar ƙasa ta mai sayarwa ce, kuma ita ce ke da aiki, domin abu biyu ake haɗawa kafin a same ta: kuɗin da sashen buhu zai kashe wajen yin buhun, da kuma ribar da zai rasa a waje saboda ya ba gida. Na farko bai cika motsi ba. Na biyu kuwa ya dogara kacokan a kan tambaya ɗaya, shin injinan suna da sarari ko sun cika?

A ɗauki watan da kasuwa ta yi sanyi, masu saye na waje dubu 70 kawai suke ɗauka. Injinan suna da sararin buhu dubu 30 da babu mai so. Idan aka yi wa sashen shinkafa dubu 20, ba a ƙwace wa kowane abokin ciniki ko buhu ɗaya ba, don haka ribar da aka rasa sifili ce. Babu dillali, babu mota, tunda daga wannan rumfa ne zuwa waccan. Iyakar ƙasa ke nan naira 270. Duk farashin da ya faɗo tsakanin 270 da 430 yana amfanar sassan biyu. In an daidaita a 350, sashen buhu ya samu ƙarin naira 80 a kowane buhu, sashen shinkafa ma ya rage kashe naira 80. In an daidaita a 400, na buhu ya fi samu. Amma ko ina aka tsaya, abin da kamfani ya tsira da shi bai canza ba: bambancin 430 da 270, wato naira 160 sau dubu 20, naira miliyan 3 da dubu 200 kowane wata. Cinikin da manajojin biyu ke yi rabon wannan kuɗi ne kawai a tsakanin littattafansu.

A nan ne aka fi yin asara, kuma masu yin ta galibi mutane ne masu ganin suna kare dukiyar kamfani. Manajan buhu zai dafe cewa shi 450 yake sayarwa, ba zai karya farashi don ɗan gida ba. Manajan shinkafa ya ɗaga waya ya kira na waje. Kowannensu yana da hujja a takarda, amma a ƙarshen wata naira miliyan 8 da dubu 600 sun fita daga kamfani zuwa hannun wani, alhali da miliyan 5 da dubu 400 da an yi buhunan a gida, ga injina kuma suna tsaye ƙura na hawa kansu.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma daga ofishin akanta yake fitowa. Akanta zai raba tsayayyen kuɗin nan na miliyan 8 a kan buhu dubu 100, ya samu naira 80, ya ɗora a kan 270, ya rubuta cewa buhu yana cin 350. Daga nan lambar ta zama doka, kowa ya ɗauka cewa sayarwa ƙasa da 350 faɗuwa ce. A ce mai masana'antar waje shi ma kasuwa ta yi masa sanyi, ya sauko zuwa 330. Manajan shinkafa zai ga 330 ta fi 350 sauƙi ya tafi waje, yana murna ya rage naira 20 a kowane buhu. Gaskiyar lamarin ita ce kamfani ya biya 330 a kan abin da zai yi da 270, ya yi asarar naira 60 sau dubu 20, miliyan 1 da dubu 200. Miliyan 8 ɗin nan ba ta ragu da ko kwabo ba don an daina yi wa gida buhu. Abin da ya fi muni, wata mai zuwa akanta zai raba ta a kan buhu dubu 70 kacal, kuɗin kowane buhu ya haura naira 380 a takarda, sai sashen ya ƙara bayyana kamar mai tsada, a ƙara guje masa. An sha rufe sassa masu amfani ta wannan hanya. Alamar da mai kamfani zai lura da ita a fili take: injinansa suna hutawa, motar wani kuma tana sauke irin kayan da suke yi a harabarsa.

Yanzu a juya lamarin. Kaka ta yi, manoma da 'yan kasuwar hatsi suna neman buhu ruwa a jallo, duk dubu 100 ɗin da injina ke fitarwa akwai mai jira da kuɗinsa. Kowane buhu da aka tura wa sashen shinkafa an hana wani mai biyan 450 ne. Iyakar ƙasa ta zama 270 da aka kashe, haɗe da rarar 150 da aka rasa, naira 420. Ta wata hanyar, farashin kasuwa ne aka cire masa naira 30 ta dillali da mota da ba za a kashe ba. Tsakanin 420 da 430 saura naira 10 kacal, kuma ribar kamfani daga cinikin gida ta sauko daga miliyan 3 da dubu 200 zuwa dubu 200. Masana'anta ɗaya ce, buhu ɗaya ne, ma'aikata ba su canza ba, amma mafi ƙarancin farashin da ya dace ya tashi da naira 150 don kawai sararin ya ƙare.

Idan a wannan lokaci na waje ya ce zai bayar a 400, to babu wani farashi da zai gamsar da sassan biyu, domin iyakar ƙasa ta haye ta sama. Wannan ba rikici ba ne da za a kai wa babban darakta ya sasanta. Lissafin yana cewa ne a bar sashen buhu ya sayar wa waje, sashen shinkafa ya sayo daga waje. Masu kamfani da yawa wannan yana yi musu nauyi a zuciya, su ce yaya muna yin buhu mu je mu sayi na wani? Amma wanda ya tilasta cinikin gida a nan ya bar 420 don ya tsira da 400, ya yi asarar naira dubu 400 a wata saboda kishin gida.

Mafi yawan lokaci masana'anta ba ta cika fal ba, ba ta kuma zama fayau ba, tana tsakiya ne. A ce na waje suna ɗaukar dubu 90, sarari ya rage dubu 10, sashen shinkafa kuma yana son dubu 20 ɗinsa gaba ɗaya. Rabin farko zai fito daga sarari, rabi na biyu sai an janye shi daga abokan ciniki. Rarar da za a rasa ita ce 150 sau dubu 10, miliyan 1 da dubu 500. In aka baza ta a kan buhu dubu 20, kowanne ya ɗauki naira 75, iyakar ƙasa ta zama 345. Sai dai mai lura ba zai tsaya a wannan matsakaicin ba. Zai ga cewa buhunan iri biyu ne, dubu 10 masu cin 270 da dubu 10 masu cin 420. In na waje yana kan 430, duka a yi a gida. In ya sauko 400, a yi rabin farko a gida, a sayo sauran. Matsakaicin 345 zai ɓoye wannan zaɓi, ya sa a ɗauka cewa dukkan cinikin yana da riba.

Ita ma iyakar sama tana da fuska ta biyu da ake yawan mantawa. Farashin na waje ba shi kaɗai ke tsayar da mai saye ba, akwai kuma abin da kayan za su jawo masa. A ce sashen shinkafa yana sayar da dusa a zube a bakin masana'anta, sai manajan ya lissafa cewa in ya zuba ta a buhu ya kai wa masu kiwo, zai samu ƙarin naira 380 a kowane buhu bayan ya cire ladan masu ɗuri da ɗinki. To, a wannan aiki buhu bai wuce 380 a wurinsa ba, ko da kasuwa tana cewa 430. Ana ɗaukar wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun. A watan da injina ke da sarari, aikin dusa yana da riba ga kamfani, tunda 380 ta fi 270 da naira 110, kuma duk farashin gida da ya wuce 380 zai kashe shi a banza. A watan kaka kuwa, lokacin da buhu ya kai 420 a hannun sashen buhu, ya kamata a bar dusa a zube.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan sanin ko sararin na gaske ne, kuma a nan aiki yake, domin abin da ke rubuce a jikin inji daban, abin da yake fitarwa daban. Masana'antar da ke samun wutar gwamnati rabin yini tana da sarari a takarda, amma cike shi sai an tayar da janareta, kuma buhun da aka yi da dizal ba 270 yake ci ba. Haka in sai an kira ma'aikatan dare an biya su kuɗin ƙarin lokaci. Haka in buhun shinkafa yana bukatar sabon farantin buga tambari da za a saya dominsa kaɗai. Irin wannan kuɗi, ko da sau ɗaya za a kashe shi, cinikin ne ya jawo shi, don haka dole ya shiga iyakar ƙasa. Sannan a duba wane inji ne ke tsayar da sauran. Masaƙa tana iya samun sarari alhali injin buga tambari ya cika. Idan buhun shinkafa mai launi uku yana cin lokacin da za a buga buhu biyu na talakawa a wannan inji, to kowane guda yana korar biyu, ribar da aka rasa ta zama 300, iyakar ƙasa ta kai 570, nesa da abin da na waje ke nema.

Ga kuma halin ɗan Adam. Manajan buhu ne ya san gaskiyar sararinsa, kuma amfaninsa yana cikin ya ce ya cika. Manajan shinkafa ne ke riƙe da takardar farashin na waje, kuma amfaninsa yana cikin ya nuna mafi araha, ko da na buhu ne mai laushi da zai fashe a mota tsakanin Kano da Legas. Shi ya sa babban ofishi mai hankali ba ya dogara da bakin kowannensu. Yana duba awannin da injina suka yi aiki, yana duba odar da aka mayar don rashin kaya, yana kuma tabbatar da cewa farashin waje na mai iya kawo dubu 20 ne kowane wata, ba na wanda ke son rabuwa da ragowar kaya sau ɗaya ba.

Akwai ƙorafi ɗaya na manajan buhu da ya kamata a saurara da kyau. In kullum 270 za a biya shi, sashensa ba zai taɓa nuna riba a kan aikin gida ba, shi ya ɗauki wahala, wani ya ɗauki yabo. Wannan ita ce damuwar Sloan tun shekaru ɗari da suka wuce. Mutumin da aka yi wa haka zai riƙa jinkirta odar gida yana fifita ta waje, kuma ba za a ga laifinsa ba. Maganin da ya fi dacewa da irin wannan masana'anta shi ne a raba biyan gida biyu. Sashen shinkafa ya biya dunƙulallen kuɗi kowane wata don a keɓe masa kashi ɗaya cikin biyar na injina, wato miliyan 1 da dubu 600 daga cikin miliyan 8, a ɗora ribar da aka amince, sannan ya riƙa biyan 270 a kan kowane buhu da ya karɓa. Da haka sashen buhu ya samu abin rufe hayarsa, manajan shinkafa kuma duk lokacin da zai yanke shawarar ƙarin buhu, 270 yake gani, wanda shi ne kuɗin gaskiya. Wasu kamfanoni suna rubuta farashi biyu, mai sayarwa a ba shi na kasuwa, mai saye a caje shi kuɗin yi, babban ofishi ya share bambancin. Wannan yana faranta wa kowa, amma yana sa sassan biyu su nuna ribar da in an haɗa ta ta fi ta kamfani, kuma ba ya matsa wa kowa ya rage kashewa.

Duk abin da aka faɗa ya shafi sassan da ke ƙarƙashin kamfani ɗaya ne. Da zarar sassan sun zama kamfanoni daban masu rajista, musamman in ɗaya yana wata ƙasa ko yana cin sassaucin haraji, farashin ya daina zama maganar cikin gida, domin ana iya amfani da shi a kwashe riba zuwa inda haraji ya fi sauƙi. Najeriya ta fitar da ƙa'idoji a kan wannan a 2012, ta sabunta su a 2018, kuma ginshiƙinsu shi ne kamfanoni masu alaƙa su yi ciniki a farashin da baƙi biyu za su yi. Kamfanin da ya ba ɗan'uwansa buhu a 270 alhali kasuwa tana 450 sai ya tanadi takardun da za su nuna wa jami'in haraji dalili.

Ga kamfanin misalin nan, abin da ya rage shi ne kada a yanka farashi ɗaya a watan Janairu a ce shi ke nan har Disamba. Yarjejeniyar da za ta yi aiki za ta faɗi adadin buhun da aka keɓe wa gida, da farashin abin da ya wuce haka a lokacin da injina ke da sarari, da farashinsa a lokacin kaka, da kuma wanda zai duba rajistar injina ya ce an shiga wannan yanayi ko wancan. Za ta kuma bar wa sashen shinkafa damar sayowa daga waje a duk watan da farashin can ya faɗi ƙasa da iyakar sashen buhu, da sharaɗin ya sanar makonni kafin lokaci, don sashen buhu ya nemi wanda zai sayar wa abin da aka bari.